Idan Mara Lafiya Ya Ce A'a: Nasiha Ga Sababbin Likitoci

Ƙannena da kuka gama makarantar likitanci kwanan nan, da ku da ke shekarar ƙarshe kuna bin manya zagayen marasa lafiya, akwai jimloli biyu da nake yawan cin karo da su a fayil, kuma duka biyun ba sa ƙarar mai karatu da komai. Ta farko: "Mara lafiya ya ƙi aiki, ya sa hannu." Ta biyu: "Mara lafiya a ruɗe yake, an karɓi izini wurin ɗansa." Wanda ya rubuta ta farko ya ɗauka mutumin yana cikin hayyacinsa, wanda ya rubuta ta biyu ya ɗauka ba ya ciki, amma babu ɗayansu da ya nuna mana yadda ya gane hakan. Likitan da zai karɓi aiki da dare, ko kwamitin da zai buɗe fayil ɗin bayan shekara biyu, ba shi da abin kamawa sai zaton wanda ya riƙe biro.

Abin da ake bincika idan baligi ya ƙi magani shi ne hanyar da ya bi ya kai ga wannan shawara. Ko shawarar ta yi muku daɗi ko ba ta yi ba, wannan wata magana ce daban. Mutum yana iya jin bayani sarai, ya auna, ya zaɓi abin da ku kuke ganin kuskure ne, kuma haƙƙinsa ne. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da haka a shekarar 2001, a shari'ar da aka yi tsakanin kotun ladabtar da likitoci da Dakta Okonkwo. Wata mata ce mai bin aƙidar Shaidun Jehobah ta ƙi ƙarin jini bayan haihuwa, ta bar ƙin nata a rubuce, likitan ya ci gaba da yi mata magani ba tare da jini ba, ta rasu. Kotun ladabtarwa ta same shi da laifi, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta goyi bayan sokewar: baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ransa ya dogara a kai. Ku lura da sharaɗin, baligi kuma mai hankali. Ƙaramin yaro da iyayensa suka ƙi a ƙara masa jini, hukuncinsa daban ne, domin kotu tana iya ba da umurni a yi don ceton ransa. Maganarmu a nan ta manya ce, kuma duk nauyin yana kan tabbatar da wancan sharaɗi na hankali.

Bari mu bi misali guda har ƙarshensa, irin wanda duk wanda ya yi aiki a ɗakin tiyata na maza ya sani. Dattijo ne mai shekara 64, tsohon direban babbar mota, yana da ciwon suga tun da daɗewa. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafar dama, aka yi ta ɗaurin gida har mako uku. An kawo shi da daddare, yatsu uku sun yi baƙi, ƙafar ta kumbura tana zubar da ruwa, warin kuwa tun daga bakin ƙofa ake jinsa. Zafin jikinsa 39.2, bugun zuciya 118 a minti, suga 24 milimol a kowace lita. Babban likita ya duba ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa. Da aka faɗa wa Baba, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ba wanda zai taɓa mini ƙafa." 'Ya'yansa biyu suna tsaye, babban yana cewa a yi, ƙaramin ya yi shiru.

A wannan daren kada ku fara da tambayoyin fahimta. Ku fara da duba ko ƙwaƙwalwar tana aiki. Mutumin da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa yana iya ruɗewa, ruɗewar da takan zo cikin awoyi ko 'yan kwanaki, tana tashi tana kwanciya, ta fi tsanani da dare. Babbar alamarta ita ce kasa tsayar da hankali wuri ɗaya. Akwai mai fizge-fizge da sambatu, wannan kowa yana gane shi. Wanda ake yawan kuskurewa shi ne mai kwanciya lamo, yana gyangyaɗi, yana amsa "to" ga duk abin da aka faɗa. Ku tambayi nas da masu jinya: haka yake jiya? Yaushe ya fara canzawa? Su ne suka san yadda yake kafin ciwo.

Gwajin tsayar da hankali ba shi da wuya. Littattafanku sun ce a sa mutum ya kirga watannin shekara daga Disamba zuwa baya, amma dattijon da ba ya lissafi da watannin Bature zai faɗi wannan gwaji alhali lafiyarsa ƙalau. Ku ce masa, "Baba, faɗa mini ranakun mako daga Juma'a, kuna komawa baya." Ko ku ce ya jero salloli biyar daga Isha zuwa Asuba. Baban namu ya ce Juma'a, Alhamis, sai ya tsaya, ya ce a duba masa ko an gama lodi. Da aka tambaye shi inda yake, ya ce tasha. Kafin a sake tambaya ya lumshe ido.

To, wannan "a'a" ta daren nan ba za a gina komai a kanta ba. Haka kuma da "e" ya ce, ita ma ba za a gina komai a kanta ba. Wannan wuri ne da muke yawan sakaci a asibiti: muddin mara lafiya yana amsa mana da to, ba ma tambayar ko ya gane, sai ranar da ya ƙi mu fara shakkar hankalinsa. Shakka ta gaskiya daga alamun ciwo take tasowa, kamar waɗanda muka gani yanzu.

Tambayar da ke biye ita ce, shin shawarar za ta iya jira? Wannan hukuncin babban likita ne, kuma a rubuta sunan wanda ya yanke shi. Idan ruɓar tana hawa da sauri, ana jin iska a ƙarƙashin fata, jini yana faɗuwa, mutumin kuma ba ya cikin hayyacinsa, babu kuma wata magana da ya bari tun yana da lafiya, to ana yin abin da zai ceci rai, gwargwadon buƙata, bayan an zauna da danginsa. A wurin Baba, babban likita ya ga ana iya samun kwana ɗaya ko biyu. Sai a nemi abubuwan da ke dagula ƙwaƙwalwa a gyara su. A ƙara ruwa, a sa insulin, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, a buɗe inda mugunya ta taru. A auna aikin ƙoda da gishirin jini da iskar oksijin. A taɓa mara, domin fitsarin da ya taru ya kasa fita yana ruɗa tsoho. A duba takardar magunguna, ko an yi masa allurar ciwo mai sa maye ko ta barci kafin ku zo. Kuma tunda an fara insulin, a riƙa auna suga a kai a kai, domin idan ya sauka ƙasa da 4 shi ma zai ruɗe, kuma wannan ruɗewa ce da ake warkarwa cikin mintuna. Abin da za ku rubuta a daren shi ne cewa a wannan sa'a ba shi da ikon yanke shawara kan yanke ƙafa, ga amsoshin da ya bayar, ga dalilin da ake zato, za a sake gwadawa idan ya farfaɗo.

Da safiyar kwana na biyu zazzaɓi ya sauka zuwa 37.6, suga 11. Baba ya zauna ya sha koko, ya gane 'ya'yansa, ya jero ranakun mako zuwa baya ba tangarɗa, har yana tambayar wa ya ɗauke masa hula. Yanzu ne lokacin zama na gaske, kuma yadda kuka shirya zaman yana iya canza sakamakonsa. Ku zo bayan ya karya, ciwo ya lafa amma ba a daɗe da yi masa allura mai nauyi ba. Ku ja labule, ku jawo kujera ku zauna, kada ku tsaya a kansa ku takwas da fararen riguna. Idan kunnensa ya yi nauyi ku matsa ta ɓangaren da yake ji. Ku yi magana da harshen da ya fi sakewa a ciki. Dokar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin magani da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙi da abin da ƙin zai haifar, cikin harshen da yake ji da kuma la'akari da zurfin karatunsa. Idan ba ku jin harshensa, Hausa ce ko Fulatanci ko Barbarci, ku nemi ma'aikacin asibiti ya yi tafinta. Ɗan da yake son a yi aiki ba zai zama tafinta ba, domin zai tausasa abin da kuka faɗa ya kuma gyara abin da uban ya amsa, ko da bai yi niyya ba.

Ku nemi izinin dangi su ɗan ba ku wuri. "Alhaji, a yi haƙuri a ba mu minti goma da Baba, za mu kira ku." Akwai abin da uba ba zai faɗa a gaban 'ya'yansa ba, haka mace a gaban miji ko surukai, takan sunkuyar da kai ta ce duk abin da suka ce shi ke nan. Bayan kun ji ta bakinsa shi kaɗai, sai a dawo da su idan ya so.

Abubuwa huɗu ake dubawa. Masana biyu na Amurka, Appelbaum da Grisso, su ne suka tsara su a wata maƙala ta 1988: fahimtar bayani, gane cewa bayanin a kansa yake, iya auna zaɓuɓɓuka, da iya furta zaɓi. Dokar Ingila da Wels ta 2005 kan ikon yanke shawara ta zo da kusan irin wannan, ta ambaci riƙe bayanin a ka gwargwadon lokacin da za a yanke shawara. Wannan doka ba ta hau kanmu ba, amma tsarinta yana da amfani a bakin gado, musamman ƙa'idarta ta farko, cewa kowane baligi ana ɗaukarsa mai iko har sai an tabbatar da akasin haka. Wanda ya ce babu, shi zai kawo hujja.

Ba a gwada fahimtar abin da ba a bayyana ba, don haka ku fara da bayani, gutsure-gutsure. "Baba, naman yatsun nan uku ya mutu, ba zai dawo ba. Ruɓar tana iya hawa, dafinta ya shiga jini, shi ne ya ruɗa ku shekaranjiya. Shawararmu a yanke daga ƙasan gwiwa. Aikin yana da haɗari, ana iya zubar jini, wurin yana iya ƙin warkewa, ana iya rasa rai ma, amma barin ƙafar ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Bayan an warke ana tafiya da sanduna, ana kuma iya yin ƙafar roba. Akwai ƙaramar hanya, a cire yatsun da mataccen nama kawai a ci gaba da wanki da allurai, sai dai a ganinmu da wuya ta isa." Kada ku rufe da "Kun gane, Baba?" Dattijo mai kara zai ce ya gane don kada ya ba ku kunya. Ku ce, "Don in tabbatar na yi bayani da kyau, in ƙaninku ya zo anjima ya tambaye ku me likita ya ce, me za ku gaya masa?"

Baba ya ce, "Zan ce masa ƙafa ta ruɓe, suna so su yanke daga nan," ya nuna ƙasan gwiwarsa. "In ba a yanke ba dafin zai koma jini. In an yanke ma ba tabbas, amma sun ce ya fi." Ya manta ƙaramar hanyar, aka maimaita masa, bayan ɗan lokaci aka sake tambaya ya kawo ta da kansa. Wannan ya wadatar. Ba jarrabawa ake yi masa ba, kuma mantuwar da maimaici ke gyarawa ba ta kore iko.

Abu na biyu ya fi na farko wuya, a nan ne ƙananan likitoci suka fi tuntuɓe. Mutum yana iya maimaita duk bayaninku daidai amma a ransa bai yarda cewa a kansa ake magana ba. Ku tambaya, "To ku a ganinku me ke damun ƙafar? In ba a yi aikin ba, me kuke jin zai faru da ku?" Baba ya ce, "Ai ina jin warin da hancina, likita. Na san tana iya zama ajalina. Amma rai a hannun Allah yake." Wani zai ji jimlar ƙarshe ya rubuta cewa mara lafiya bai fahimci haɗari ba. Wannan kuskure ne. Mutumin ya ambaci mutuwa da bakinsa, ya danganta ta da ƙafarsa, sannan ya faɗi abin da shi da kusan duk wanda ya sani suka yi imani da shi. Ku kwatanta da wanda zai dubi baƙaƙen yatsunsa ya ce ba ciwo ba ne, lalle ne, ko ya ce likitocin nan an turo su ne su sace masa ƙafa. Wannan na biyun ciwo ne ya shiga tsakaninsa da abin da ke gabansa.

Maganar jifa da sammu ma haka take. Idan ya ce shi yana zargin jifa aka yi masa, ku ci gaba da tambaya: ko ma mene ne asalinsa, kun yarda naman ya mutu kuma yana iya kashe ku? Idan ya yarda, zarginsa bai hana shi ganin gaskiyar halin da yake ciki ba. Ko taɓin hankali da aka tabbatar ba ya kore iko kai tsaye. A Ingila a 1993 an kai maganar wani mutum mai shekara 68 gaban kotu, yana tsare a asibitin masu taɓin hankali na Broadmoor, yana iƙirarin cewa shi shahararren likita ne. Ƙafarsa ta ruɓe, likitoci suka ce damar rayuwarsa idan ba a yanke ba kashi 15 ce cikin 100, ya ƙi. Alƙali ya ga ya fahimci bayanin, ya gaskata shi ta hanyarsa, ya auna, don haka ya hana a yanke ba da izininsa ba. An yi masa ƙaramin aiki, ƙafar ta lafa. Ban kawo ƙarshen labarin don ku sa ran kowa zai tsira ba, da ya mutu ma hukuncin yana nan daidai.

Na uku shi ne aunawa. "Baba, me ya sa kuka zaɓi haka? Me ya fi yi muku nauyi?" Ku yi shiru ku saurara, kada ku cika wurin da wa'azi. Baba ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce yayansa an yanke masa ƙafa, bai ƙara tashi ba, surukai mata ne suka riƙa ɗaga shi zuwa bayan gida har ya rasu. "Ni ba zan yi wannan rayuwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." A nan kuna da aiki biyu. Na farko ku gyara abin da yake na rashin sani: a ina aka yanke wa yayan nasa, sama da gwiwa ko ƙasa? Wanda aka bar masa gwiwa ya fi samun sauƙin komawa tafiya. Idan akwai wanda aka yi wa irin aikin yana zuwa asibiti da ƙafar roba, kuma ya yarda, ku haɗa su. Na biyu ku tono abin da ba a faɗa. Ku tambaya kai tsaye, "Da a ce kuɗin aikin ba daga aljihun yaranku zai fito ba, za ku yarda?" Sau da yawa ƙin magani a wurinmu ƙin sayar da gona ne, kuma maganin wannan yana ofishin jin daɗin marasa lafiya da zama da dangi. Ku tambaya ko wani ya hana shi. Ku tambaya kuma game da barci da cin abinci da jin daɗin rayuwa kafin wannan ciwo, da ko ya taɓa jin gara ya mutu ya huta, domin ciwon damuwa mai tsanani yana iya sa mutum ya daina ganin wani amfani a rayuwarsa, har ya kasa ɗora komai a ɗaya gefen ma'auni.

Baba ya ce kuɗi ba su ne matsala ba, babu wanda ya hana shi, yana son ya ga auren autarsa. Ya ji bambancin sama da ƙasan gwiwa, ya ce ya gode, amma yana nan kan bakansa. Ya yarda a cire yatsun, a kankare mataccen nama, a ci gaba da allurai. Da aka dawo da la'asar aka sake tambaya, amsar ba ta canza ba, wannan kuma shi ne abu na huɗu, zaɓi bayyananne da ya tsaya wuri ɗaya. Mutum yana da damar sake ra'ayi, amma wanda ke juyawa duk bayan rabin awa ba tare da dalili ba, a koma a duba ko ruɗewa ta dawo.

Hukuncinku a nan shi ne yana da ikon ƙin wannan aiki a wannan rana. Tunda rai ne a ciki, kada ku ɗauki nauyin ku kaɗai, babban likita ya zo ya ji da kunnensa. Likitan ƙwaƙwalwa ana kiransa idan ana zargin ciwon damuwa ko taɓin hankali ko mantuwar tsufa, ko idan ku biyu kun saɓa. Amma ba shi ne mai gwajin ba tun asali, wanda zai yi aikin shi ya san abin da ya kamata mara lafiya ya fahimta. Makin da mutum ya ci a gwajin ƙwaƙwalwa mai maki talatin ma ba ya yanke hukunci, balle ga wanda bai yi boko ba, da za a ce ya rubuta jimla ko ya riƙa ɗebe bakwai daga ɗari.

Sai rubutu. Da Turanci ake rubuta fayil a asibitocinmu, amma ga abin da ya kamata ya ƙunsa, kuma kalaman mara lafiya ku sa su yadda ya faɗe su da Hausa, fassara ta biyo baya:

"Kwanan wata, ƙarfe 10:20 na safe, ɗakin tiyata na maza. Shawarar da ake dubawa: yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa saboda ruɓa. Dalilin gwaji: ya ƙi aikin, kuma daren da aka kwantar da shi ya ruɗe. An yi magana da Hausa, ba tafinta. Da ni da nas mai kula da ɗaki, dangi suna waje. Zafin jiki 37.6, suga 11, allurar ciwo ta ƙarshe ƙarfe 4:00 na asuba. A farke yake, ya san wuri da rana, ya jero ranakun mako zuwa baya daidai. An bayyana masa ciwon, aikin da haɗarinsa, ƙaramin aiki na cire yatsu, da cewa ƙin aikin yana iya kai shi ga mutuwa. Fahimta: ya maimaita da kalmominsa, 'In ba a yanke ba dafin zai koma jini.' Ya manta ƙaramin aikin, an maimaita, ya riƙe bayan minti goma. Gane halin da yake ciki: 'Na san tana iya zama ajalina.' Dalilinsa: abin da ya gani ga yayansa, ba ya son ya dogara ga wasu wajen tsarki. An bayyana masa bambancin yankewa sama da ƙasan gwiwa. Ya ce ba kuɗi ba ne, babu mai matsa masa. Babu alamun ciwon damuwa, ba ya fatan mutuwa. Zaɓinsa: ya ƙi yanke ƙafa, ya yarda da cire yatsu da kankara da allurai. An sake tambaya ƙarfe 4:30 na yamma, bai canza ba. Hukunci: yana da ikon yanke wannan shawara a yau. Babban likita ya gan shi ƙarfe 5:00, ya amince. Za a sake tattaunawa kowace safiya, da duk lokacin da halinsa ya canza." Sai cikakken suna da muƙami da sa hannu, yadda za a iya karantawa.

Ku lura babu "mai taurin kai" a ciki, babu "ba ya ba da haɗin kai". Irin waɗannan kalmomi fushin marubuci kawai suke nunawa, kuma suna sa wanda ya karɓi aiki ya zo wa mara lafiya da ido ɗaya. Ku lura kuma da sa'o'in. Ikon yanke shawara na wata shawara ce takamaimai a wani lokaci takamaimai, shi ya sa rubutun daren farko da na safiyar nan duka daidai ne ko da yake sun saɓa. Kada a koma a goge na farko. Idan kun tuna wani abu daga baya, ku rubuta shi a sabon layi da sa'ar da kuka rubuta.

Akwai tambaya ɗaya da ake mantawa, kuma ita ce takan hana rigima a tsakiyar dare. Tun yana cikin hayyacinsa ku ce, "Baba, idan ciwon ya sake ruɗa ku har ba ku iya magana, muka ga ba makawa sai an yanke ko a rasa ku, me kuke so a yi?" Wani zai ce in ta kai haka ku yanke. Wani zai ce ko a lokacin ban yarda ba. Duk wadda ya faɗa, ku nemi izininsa a kira 'ya'yan ya maimaita a gabansu, ku rubuta da sunayen waɗanda suka ji. Domin babban ɗan zai iya tare ku a baranda ya ce, "Likita, ku bari sai ya fita hayyacinsa in sa muku hannu." Tsoron rashin uba ne ke magana, ku amsa masa da tausasawa, amma amsar a'a ce. Ruɗewar da ta zo bayan mutum ya yanke shawara da hankalinsa ba ta soke shawarar, sa hannun ɗa kuma ba ya hawa kan maganar uba mai iko.

Idan bayan kwanaki Baba ya ce gida zai koma, takardar fita ba da yardar likita ba, da dangwalen yatsa a ƙasanta, ba ta maye gurbin duk abin da muka yi bayani. Fita sabuwar shawara ce, sai an sake zama an ji ko ya gane abin da barin allurai zai jawo, an rubuta kamar yadda aka rubuta na farko. Sannan a sallame shi da kayan aikinsa: maganin ƙwayoyin cuta na sha, insulin da yadda za a yi shi da wanda aka koya wa a gida, inda za a riƙa wanke ciwon da ranar dawowa. A gaya masa da masu jinyarsa alamun da za su sa a dawo ko da tsakar dare ne, wato zazzaɓi, sambatu ko yawan barci, baƙi ko kumburi yana hawa sama, amai, ko raguwar fitsari. A gaya masa cewa in ya sake shawara gobe za a karɓe shi ba tare da gori ba, a kuma rubuta a fayil cewa an faɗa masa haka, da sa'ar da ya fita da wanda ya tafi da shi.